Kaya tan 26, ƙofa ta ce 30,480: me ya sa tasha ta ƙi karɓar kwantenata?

*Tambaya:* Assalamu alaikum. Na loda kwalin tayil 1,300, kowanne kilo 20, a kwantena mai ƙafa 40. Tan 26 ke nan, alhali a ƙofarta an rubuta 30,480. Tayil ɗin ya tsaya a rabin ciki, rabin wajen ƙofa kuma na zuba robobin banɗaki marasa nauyi, ba su wuce kilo 600 ba. A takarda na ba da 29,750. Da muka isa tashar jiragen ruwa suka auna, suka ce ta yi nauyi kuma ta rinjaya gefe guda, ba za su karɓa ba. Ina laifina, ko dai kuɗi kawai suke nema?

*Amsa:* Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuɗin ajiya da na sake lodi za su yi maka ciwo, amma a wannan karon masu tashar suna da gaskiya, kuma da alƙaluman da ka kawo da kanka za a iya nuna hakan. Laifi uku ne suka haɗu a kwantena ɗaya. Biyu na sikeli ne, ɗaya na tsarin lodi, kuma na ƙarshen nan shi ya fi haɗari duk da cewa shi ne mutane suka fi rainawa.

Mu fara da rubutun jikin ƙofa. Layi uku ne a jere. Na sama, MAX GROSS, shi ne 30,480 da ka gani, kuma ma'anarsa nauyin komai da komai: ƙarfen kwantenar kanta, da kaya, da kwalayen da aka zuba kayan, da duk katako ko igiyar da aka sa don tokare su. Na biyu, TARE, nauyin kwantenar ce babu komai a ciki. Na uku, wanda wasu ke rubuta NET wasu kuma PAYLOAD, shi ne abin da ya rage maka bayan an cire na biyu daga na farko. Daga 29,750 da ka ba da na gane cewa taka kwantenar kilo 3,750 ce, don haka abin da aka yarje maka ka zuba a ciki kilo 26,730 ne, ba 30,480 ba.

To ka haɗa tayil 26,000 da kwantena 3,750, ka sami 29,750. Robobin nan na kilo 600 ba su shiga lissafin ba. Idan aka sa su, an kai 30,350. Tsakaninka da iyaka saura kilo 130 kacal. Raba 130 ɗin nan kan kwali 1,300, za ka ga giram 100 ne a kowane kwali. Wato idan kowane kwali ya ɗara kilo 20 da giram ɗari kawai, ka cinye sararin duka. Kuma kusan tabbas ya ɗara fiye da haka, domin kilo 20 da masana'anta ke bugawa a jikin kwali yawanci ƙiyasi ne, sau da yawa ma nauyin tayil ɗin ne tsuransa ba tare da kwalin da takardun da ke tsakani ba. Kaurin tayil yana ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi, kwali kuma yana shan laima idan ya kwana a sito mai danshi. A ce kowane kwali kilo 20.6 ne a kan sikeli, wanda ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Tayil ya koma 26,780. Ƙara robobi 600, ƙara katakon tokara da a ce ya kai 150, ƙara kwantena 3,750. Jimla 31,280. Ka haura iyakar ƙofa da kilo 800, ka kuma haura abin da ka sa wa hannu a takarda da kilo 1,530.

Waɗannan laifuffuka biyu daban-daban ne, kuma yana da kyau ka raba su, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Saɓani tsakanin takarda da sikeli ya samo asali daga dokar kiyaye rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ke kula da ita. Tun daga ranar 1 ga Yuli, 2016, ba a ɗora kwantena mai kaya a jirgi sai mai kayan ya ba da tabbataccen nauyinta, abin da ake rubutawa VGM a takardu. Hanya biyu aka amince da su. Ko dai a auna kwantenar gaba ɗaya bayan an gama lodi an rufe, a kan sikelin da hukuma ta tantance. Ko kuma a auna kowane abu da zai shiga ciki, har da kwali da katako da igiya, sannan a ƙara nauyin kwantenar da ke rubuce a ƙofa. Abin da ka yi, wato ninka lambar jikin kwali da yawan kwalaye, ba ya cikin ko ɗaya. Ya yi kama da hanya ta biyu, amma babu awo a cikinsa, ƙiyasi ne. Kuma alhakin yana kan wanda sunansa ke kan takardar ɗaukar kaya a matsayin mai aikawa, ba direba ba, ba 'yan lodi ba.

Da a ce wannan kaɗai ne laifin, da sauƙi. Tashoshi da yawa kan auna da kansu, su maye gurbin lambarka da tasu, su caje ka kuɗin awo da na gyaran takarda, kaya su wuce. Ƙasashe da yawa suna da ɗan sassaucin da suke yi kan bambancin sikeli. Amma sassaucin nan na saɓanin takarda ne kawai. Babu sassauci a kan MAX GROSS. Kwantenar da ta haura abin da aka rubuta mata, ko da an rubuta gaskiyar nauyinta, ba ta hawa jirgi.

Dalili shi ne farantin ƙarfen nan da ke manne a ƙofar hagu, mai taken CSC SAFETY APPROVAL. Ya fito ne daga yarjejeniyar kiyaye lafiyar kwantenoni ta 1972, kuma shaida ce cewa an gwada wannan samfurin kwantena a kan wani nauyi takamaimai. Gaskiyar magana, ƙugiyar ɗaga kaya ta tasha ba za ta karye don kilo 800 ba, domin yawancinsu suna ɗaga tan 40 zuwa sama. Kwantenar ma da wuya ta ɓalle a ranar. Amma daga lokacin da aka haura lambar farantin nan, babu wanda ya lamunce ta. Idan gindinta ya zube a sama, ko ta illata ma'aikaci, tashar da ta ga sikeli kuma ta ɗaga ita ce a gaban shari'a. Shi ya sa ba sa sauraron roƙo a kan wannan.

Akwai kuma jirgin kansa. Mai tsara lodin jirgi ba ya ganin kwantena ko ɗaya da idonsa. Lambobi ne a gabansa a kwamfuta, da su yake yanke cewa masu nauyi su sauka ƙasa, marasa nauyi su hau sama, da su yake lissafin abin da kowane jere zai ɗauka da ƙarfin da sandunan ɗauri za su jure idan jirgi ya fara tangaɗi. Kilo 1,530 a jirgin da ke ɗaukar dubban kwantenoni ba komai ba ne idan kai kaɗai ne. Matsalar ita ce ba kai kaɗai ba ne. A watan Janairun 2007 jirgin MSC Napoli ya tsage cikin guguwa a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka ja shi aka kafe shi a gaɓar Ingila. Masu bincike sun auna kwantenoni 660 da ke saman jirgin waɗanda ruwa bai taɓa ba. Guda 137, wato kusan ɗaya cikin biyar, sun saɓa wa takardunsu da fiye da tan 3, kuma jimlarsu ta ɗara abin da aka rubuta da tan 312. Ba a ce wannan kaɗai ne ya karya jirgin ba, akwai rauni a ƙirar jikinsa, amma binciken ya nuna irin ƙaryar da ake ɗora lissafin jirgi a kai. Yana cikin abubuwan da suka kai ga dokar 2016.

Yanzu ga laifi na uku, wanda nake so ka fi ba shi hankali, domin ko da ka sauke kwali 100 yau, kwantenar nan ba ta gyaru ba.

Cikin kwantena mai ƙafa 40 tsawonsa kusan mita 12 ne, faɗinsa mita 2.35. Tayil abu ne mai nauyi da ba ya cin wuri. Wurin da tan 27 ɗinsa ke ci bai fi mita kubik 13 ko 14 ba, alhali kwantenar tana ɗaukar kusan 67. 'Yan lodi suka yi abin da suka saba: suka fara daga bangon ciki, suka jera har tsayin kusan mita guda, suna tahowa baya, kaya suka ƙare a tsakiya. A idonsu aiki ya yi kyau, har an samar maka wurin robobi. Amma duba inda nauyin ya zauna.

Kowane kaya yana da cibiyar nauyi, wato wurin da idan aka tokare kwantenar da ƙarfe ɗaya daga ƙasa za ta tsaya daidai ba ta rinjaya ba. Ana gano shi da lissafi mai sauƙi: a ninka kowane nauyi da nisan tsakiyarsa daga bangon ciki, a tara, a raba da jimlar nauyi. Tayil ya mamaye mita 6 na farko, tsakiyarsa tana mita 3, don haka 26,780 sau 3, ya ba da 80,340. Robobi suna mita 6 na ƙarshe, tsakiyarsu tana mita 9, 600 sau 9 ya ba da 5,400. Kwantenar kanta da katakon da ke tsakiya, 3,900, suna mita 6, ya ba da 23,400. Tara su ka sami 109,140. Raba da 31,280, ka sami kusan mita 3.5.

Tsakiyar kwantena tana mita 6. Taka cibiyar tana mita 3.5. Ta kauce da mita biyu da rabi. Ƙa'idar lodin kwantena da aka fi dogaro da ita a duniya, CTU Code ta 2014, wadda IMO ta fitar tare da ƙungiyar ƙwadago ta duniya da hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce kada kaucewar ta wuce kashi 5 cikin ɗari na tsawon kwantena. A ƙafa 40, santimita 60 ke nan. Kai ka ninka wannan sau huɗu. Akwai kuma gajeriyar ƙa'idar da ake ba 'yan lodi don kada su sha wahalar lissafi: kada rabin tsawon kwantena ya ɗauki fiye da kashi 60 cikin ɗari na nauyin kaya. Naka rabin cikin ya ɗauki kusan kashi 98.

Me hakan ke jawowa? Ka tuna mutum biyu da suka ɗauki doguwar azara a kafaɗa, aka rataya buhun siminti kusa da na gaba. Nauyin azara da buhu bai canja ba, amma na gaba ne ke nishi. Kwantena ba ta zama a kan cikinta, ba a kuma ɗaga ta ta ciki. Komai yana bi ta kusurwoyinta huɗu, ta waɗannan dunƙulallun ƙarafa masu rami. A taka, kusurwoyi biyu na ciki suna ɗauke da kusan tan 22, biyu na wajen ƙofa kuma tan 9. Da an baje kayan daidai, da kowane ɓangare bai kai tan 16 ba.

Firam ɗin ƙarfen da ƙugiya ke saukowa da shi yana kama kwantena ta kusurwoyin sama huɗu, kuma a wasu tashoshi na zamani akwai ma'aunin nauyi a kowace kusurwa. Na'urar ba jimla kaɗai take nunawa ba, tana nuna yadda aka raba. Nan ne aka ga rinjayen da suka gaya maka. Ko babu ma'auni, direban da ya goge yana ji da zarar ya fara ɗagawa, domin ƙofa ce ke tashi da farko, kan yana ƙasa. Kwantenar da ke rataye a karkace ba ta shiga ramin jirgi lafiya. A cikin jirgi akwai dogayen ƙarafa a tsaye da kwantena ke zamewa a tsakaninsu, ratar da ke tsakani 'yan santimitoci ne, kuma wadda ta shiga a karkace tana iya maƙalewa a rabin hanya da tan 31 a cikinta. Fitar da ita yana tsayar da aikin ƙugiyar gaba ɗaya, jirgi yana jira. Motocin da ke jera kwantenoni a filin tasha sun fi shiga haɗari, musamman mai dogon hannun nan da ke ɗaga kaya daga gabanta. Motar a gicciye take riƙe kwantena, don haka nauyin da ya rinjaya gefe guda yana neman kifar da ita, ga mutum a zaune a ciki.

Sai daɓen kwantenar. Katako ne mai kaurin kusan milimita 28 a kan ƙarafan da suka gitta daga gefe zuwa gefe, su kuma suna miƙa nauyi ga dogayen ƙarafan gefe da bangon. An ƙera shi ne a kan cewa za a baje kaya a duk tsawonsa. Ƙa'idar da kamfanonin jiragen ruwa suka saba bayarwa ita ce kimanin tan 3 a kowace mita ta tsawo a mai ƙafa 40, da kimanin tan 4.5 a mai ƙafa 20. Naka tan 26.8 a kan mita 6, kusan tan 4.5 ne a mita, wato ka yi wa doguwar kwantena lodin gajeriya. Alamun da ake dubawa su ne ƙarafan ƙasa sun lanƙwasa, ko bango ya kumbura, ko ƙofa ta ƙi rufuwa daidai saboda jikin ya murɗe. Kafin ka sake lodi ka sa a leƙa ƙarƙashinta, domin idan ta lalace kamfanin da ya ba ka ita kai zai caja.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne cewa mai ƙafa 40 ba ta fi mai ƙafa 20 ɗaukar nauyi ba. Wuri ta fi ta, ba ƙarfi ba. Yawancin masu ƙafa 20 na yanzu su ma 30,480 ne a ƙofarsu, kuma da yake nasu nauyin bai wuce kimanin kilo 2,250 ba, suna barin maka fiye da tan 28. Akwai masu ƙafa 40 da aka amince musu da 32,500, amma wannan sai ka gani da idonka a ƙofar wadda aka kawo maka, ba a zato. Shi ya sa duk mai harkar tayil, ko dutse, ko ƙarfe, gajeriya yake nema. Doguwa ta katifa ce da robobi da kayan ɗaki, waɗanda ke cika wuri kafin su cika sikeli.

To ga hanyoyin da ke gabanka.

Idan kana so tayil 1,300 ɗin su tafi duka, ka nemi mai ƙafa 20. Tayil 26,780, katako 150, kwantena 2,250, jimla 29,180, ƙasa da iyaka da kilo 1,300. Tsawon cikinta mita 5.9 ne, don haka jerin da 'yan lodinka suka yi mai tsayin mita guda zai cika ta daga bango zuwa ƙofa, cibiyar nauyi ta faɗa tsakiya da kanta. Daɓen zai kasance a bakin iyakarsa, tan 4.5 a mita, don haka ka ƙi karɓar tsohuwar da katakonta ya ruɓe ko aka yi wa faci. Robobin sai dai su bi wata hanya, ko ka ɗora abin da ya samu wuri a sama idan sikeli ya yarda. Ka sani kuma wasu kamfanonin jirgi suna ƙarin kuɗi a kan gajeriyar kwantena mai nauyi sosai, wasu ma suna da tasu iyakar da ba ta kai ta ƙofa ba.

Idan kuma dole sai wannan mai ƙafa 40 ɗin, sai ka rage. Daga 26,730 cire robobi da katako, 750, saura 25,980. Raba da 20.6, ka sami kwali 1,261. Ni ba zan kai nan ba, domin sikelin tasha da naka ba za su taɓa yin daidai cif ba. Ka tsaya a 1,230. Nauyinsu 25,338, jimlar kwantena 29,838, ka bar sararin fiye da kilo 600. Sannan a sauke komai a sake jerawa daga farko. Tayil ya bi daɓen duka, daga bango zuwa kusa da ƙofa, tsayinsa bai wuce rabin mita ba, a tsaye a kan gefensa yadda masana'anta ke nunawa a jikin kwali. A shimfiɗa falanki a kai, robobi su hau sama. Da haka kowace mita tana ɗauke da tan 2 da ɗan kai, nauyi yana ƙasa inda ake son sa, cibiya tana tsakiya.

'Yan lodi za su yi gunaguni, saboda jeri mai ƙasa-ƙasa a mita 12 ya fi cin lokaci da sunkuyo. Hanyar da ke aiki ita ce a ƙirga tun kafin a fara. A auna tsawon kwali, a san layi nawa daɓen zai ɗauka, a raba 1,230 da yawan layukan, a gaya musu kwali nawa ne a kowane layi. Ka ja layi da alli a bango a daidai tsakiya. Idan sun iso layin, rabin kwalayen ya kamata a ce sun shiga, ba fiye ba. Wannan ɗan layin allin ya fi duk wani bayani da za ka yi musu.

Kada a bar gibi. Kaya a teku suna motsi gaba da baya da gefe da gefe dare da rana, ƙaramin gibi kuma yana faɗaɗa da kansa. Ƙa'idar CTU ta ce jimlar gibin da ke kowace fuska kada ta wuce santimita 15, kuma ga kaya masu nauyi da tauri irin naka ana so a rage shi iyakar iyawa. A cike da katako ko jakunkunan iska da aka yi don wannan aiki. A bakin ƙofa a gitta katako mai kauri da ya kama ginshiƙan gefe, don kada kaya su jingina da ƙofa su zubo wa wanda zai buɗe. A tsohon lodinka, bangon tayil mai tsayin mita guda yana tsaye a tsakiya babu abin da ke bayansa sai robobi. Da ta hau jirgi a haka, da wuya robobin nan su isa lafiya. Zobban ɗauri da ke gindin bango kuma kada ka dogara da su fiye da kima, domin yawanci kowanne tan guda aka ƙiyasta masa, na sama kuma rabin tan.

Saura iyaka guda da ba a rubuta ta a ƙofa ba, wato ta titi. Kan tirela da bayanta, babu kaya, suna kai tan 14 ko 15. Ɗora 29.8 a kai, ka kusa ko ka haura 44. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar da aka saba ita ce tan 40, ana ɗaga ta zuwa 44 ga motar da ke kai kwantena tsakanin tasha da jirgin ƙasa ko na ruwa. A manyan titunan tarayya na Amurka iyakar fam 80,000 ce, kimanin tan 36, abin da ke nufin kayan da ke cikin mai ƙafa 40 ba za su wuce tan 20 da wani abu ba sai da izini na musamman. Saboda haka kwantena tana iya wuce tashar da ta tashi lafiya, ta tsallake teku, ta maƙale a inda ta sauka don babu motar da doka ta yarda ta ja ta. Kuma masu awon titi ba jimla kaɗai suke dubawa ba, kowane jerin tayoyi da nasa iyakar. Lodinka na farko ya danne tayoyin bayan kan mota, na ƙarshen tirela kuma suna tafiya kusan a sake, wanda ke ɓata birki da riƙon hanya. Kafin ka yanke yawan kwali, ka tambayi kamfanin jirgin da wakilinka na can ɓangaren nauyin da za su iya ɗauka, ka kwatanta da na ƙofa da na titin da za ka bi. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne naka.

Bayan an sake lodi, kada ka koma ninka lamba. Ka zaɓi kwali goma daga wurare daban-daban ka auna tun kafin a fara, don ka san ainihin nauyin da kake lissafi da shi. Idan an rufe, mota ta hau sikelin da aka tantance sau biyu, sau ɗaya da kwantena, sau ɗaya bayan an sauke ta ko kafin a ɗora, da direba ɗaya da mai kusan daidai a tanki. Bambancin shi ne VGM ɗinka. Ka kuma roƙi mai sikelin ya auna maka tayoyin kan mota daban, na tirela daban. Idan lodin ya baju daidai, tayoyin bayan kan mota da na tirela za su raba nauyin yadda direban ya saba gani. Idan ɓangare ɗaya ya yi wa ɗaya nisa, akwai gyara tun kana kusa da sito, kafin ka shiga layin tasha.

Sannan ranar da za a buɗe wannan ta yanzu don saukewa, a ajiye ta a ƙasa mai daidai tukuna. An ja ta a titi da bangon tayil marar isasshen matokari a cikinta, ba wanda ya san inda kwalayen suka gangaro. A ɗaure sandunan ƙofofin biyu da sarƙa ko bel mai ƙarfi, a sassauta ta dama kaɗan, a leƙa daga gefe. Kada kowa ya tsaya a gabanta sai an tabbatar babu abin da ya jingina da ita.